Ciwon Sikila da Lafiyar Ido: Me Ya Sa Ake Duba Bayan Ido Alhali Mutum Yana Gani Garau?

A ɗakin awo, idan aka ambaci ciwon sikila ko amosanin jini, abin da yake fara zuwa zuciyar iyaye shi ne ciwon ƙashi, ƙarancin jini da yawan kwanciya a asibiti. Ba kasafai ake tuna ido ba. Dalili kuwa shi ne ɓarnar da sikila take yi wa ido ba ta zuwa da zafi, ba ta sa ido ya yi ja, kuma a farkonta ba ta rage gani ko kaɗan. Mutum zai iya zura zare a allura, ya karanta ƙananan rubutu, alhali a can cikin idonsa matsala ta riga ta yi nisa. Wannan ne ya sa ake shawartar duk mai sikila ya riƙa zuwa a ɗiga masa magani a duba bayan idonsa a kan kari, ko yana da ƙorafi ko ba shi da shi. Wannan bayani ya shafi mai juna biyu da take da sikila, ya kuma shafi uwar da take da yaro mai sikila a gida, ko take tsammanin haihuwarsa.

Tantanin gani da yadda sikila take taɓa shi

A can bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani siririn tantani da yake shimfiɗe kamar yadda ake shafe cikin ƙwarya. Likitoci suna kiransa retina, mu kuma a nan za mu kira shi tantanin gani. Shi ne yake karɓar hasken da ya shiga ido, ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsakiyarsa ita ce take aikin karatu, ɗinki da gane fuskar mutum. Gefe-gefensa kuwa su ne suke sa mutum ya lura da abin da yake wucewa ta dama ko ta hagu. Hanyoyin jinin da suke ciyar da wannan tantani ƙanana ne ƙwarai, sun fi gashin kai siranta, kuma mafi sirantarsu su ne waɗanda suke can bakin gefe.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna da laushi, suna lanƙwashewa su wuce ta kowace ƙaramar hanya. Na mai sikila kuwa, idan iskar oksijin ta yi ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai su sandare su koma siffar lauje, su manne a jikin hanyar jini su toshe ta. Abin da yake faruwa ke nan a cikin ƙashi har a ji ciwo mai tsanani. Haka yake faruwa a ido, sai dai tantanin gani ba shi da jijiyoyin jin zafi, don haka toshewar takan faru shiru. Kuma tun da daga gefe take farawa, tsakiyar da ake karatu da ita tana nan lafiya lau, mutum bai san komai ba.

Matakai biyar na ɓarnar

A shekarar 1971 wani likitan ido ɗan Amurka mai suna Morton Goldberg ya kasa wannan ɓarna zuwa matakai biyar, kuma har yanzu da su likitoci suke rubuta sakamako. Yana da kyau ki san su, domin kina iya ganin lambar matakin a katinki.

A mataki na 1, ƙananan hanyoyin jini na gefe sun toshe, wannan yanki ya daina samun jini. A mataki na 2, jinin da ya rasa hanya ya samo wata gajeriyar hanya a bakin wurin da ya toshe, kamar yadda ruwan sama yake yanke wa kansa hanya idan kwata ta cushe. A mataki na 3, yankin da yake jin yunwar oksijin yana fitar da wani sinadari da yake sa sababbin hanyoyin jini su tsiro. Waɗannan sababbin hanyoyi sukan fito a baje kamar mafici. Ga ji kamar taimako ne, amma ba su da ƙwari, bangonsu sakayau ne, suna yoyo, kuma ba sa kwanciya a jikin tantani, suna miƙewa ne zuwa cikin ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido.

A mataki na 4, ɗaya daga cikinsu ta fashe, jini ya zuba a cikin wannan ruwa. A nan ne yawancin mutane suke fara sanin akwai matsala: sai su ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo, ko wani abu kamar yanar gizo-gizo ko hayaƙi, ko gani ya dushe gaba ɗaya a ido ɗaya. A mataki na 5, tabon da ya biyo baya ya tsuke ya ja tantanin gani har ya ɓamɓare daga mazauninsa. Mutum zai ga walƙiya, ko wani duhu kamar an ja labule daga gefe. Idan ɓamɓarewar ta kai tsakiya, ko an yi tiyata ba lallai gani ya dawo yadda yake ba.

Abin lura a nan shi ne, matakai uku na farko ba su da alama, kuma a mataki na 3 ne magani ya fi sauƙi da amfani. Wanda ya ce sai ya ga alama zai je asibiti, ya yarda ke nan ya jira mataki na 4.

Masu SC su fi kowa kula

Mutane da yawa sun san AA, AS da SS kawai. Akwai kuma SC, wanda mutum yake samu idan ya gaji S daga ɗaya daga cikin iyayensa, ya gaji C daga ɗayan. Idan uwa AS ce uba kuma AC, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi SC. Nau'in C ya fi yawa a Afirka ta Yamma, musamman arewacin Gana da Burkina Faso, a Nijeriya kuma an fi samunsa a kudu maso yamma, amma ana samunsa a arewa ma.

Masu SC galibi ba sa shan wahala kamar masu SS. Jininsu bai cika yin ƙasa sosai ba, ciwon ƙashi yakan yi musu nisa-nisa, wasu ma ba sa sanin suna da shi sai an yi musu gwajin aure ko sun zo awon ciki. To amma a wajen ido abin ya juya: tsirowar sababbin hanyoyin jini ta fi yawa ga masu SC fiye da masu SS, kuma takan fara musu da wuri. Ɗaya daga cikin dalilan da likitoci suke bayarwa shi ne jinin mai SC ya fi kauri, saboda ƙwayoyinsa sun fi yawa, don haka ya fi saurin cushewa a ƙananan hanyoyi. Saboda haka kada a ce, ai nata mai sauƙi ne, ba ta taɓa kwanciya ba. Sauƙin ciwon jiki ba ya nuna lafiyar ido. Masu SS su ma suna samun wannan matsala, haka masu sikila haɗe da talasemiya, kuma haɗarin yana ƙaruwa yayin da shekaru suke ƙaruwa.

Akwai wani abin kula game da gwaji. Ƙaramin gwajin da yake nuna ko jini yana komawa lauje ba ya bambanta AS da SS da SC, yana dai cewa akwai S. Gwajin jinotayif cikakke ne yake fayyace nau'in. Idan abin da aka taɓa gaya miki kawai shi ne kina da sikila a jini, ki nemi a yi miki cikakken gwaji a rubuta miki haruffan. Masu AS kuwa ba a buƙatar su riƙa wannan duba na kai a kai saboda sikila, sai dai akwai gargaɗi game da buguwar ido da ya haɗa da su, za mu zo kansa.

Yaushe ake fara dubawa?

Ƙa'idar da Cibiyar Nazarin Zuciya, Huhu da Jini ta Amurka ta fitar a shekarar 2014 ta ce a fara duba bayan idon yaro mai sikila daga shekara 10. Idan ba a ga komai ba, a sake bayan shekara 1 zuwa 2. Asibitoci da yawa sun zaɓi sau ɗaya a shekara, domin ya fi sauƙin tunawa. Idan an ga wani canji, likitan ido ne zai rage tazarar, wataƙila zuwa wata 6 ko wata 3. Yaron da bai kai shekara 10 ba amma yana ƙorafin gani, ba a jira da shi.

Ga mace mai sikila, lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin ta ɗauki ciki. Idan ciki ya riga ya shiga, kuma an fi shekara ba a duba ta ba, a duba ta tun a watannin farko na awo. Hikimar ita ce, wasu gwaje-gwaje da magungunan ido ana guje musu a lokacin ciki, don haka gara a gano matsala tun ana da sararin zaɓi. Ban da haka, bayan haihuwa hidimar jego da shayarwa sukan sa uwa ta manta da kanta har tsawon shekara ko fiye.

Yadda ake yin dubawar

Karanta haruffa a allo ba shi ne wannan duba ba, haka ma gwajin tabarau. Mutum yana iya karanta layin ƙarshe tsaf alhali yana mataki na 3. Haska tocila a ido shi ma bai wadatar ba. Ɗan baƙin ɗigon da yake tsakiyar ido ƙofa ce, kuma da haske ya taɓa ta sai ta tsuke. Leƙa bayan ido ta wannan ƙaramar ƙofa kamar leƙa ɗaki ne ta ramin makulli: za a ga abin da yake tsakiya, ba za a ga lungu ba. Ɓarnar sikila kuwa a lungu take.

Don haka bayan an gwada ƙarfin ganinki, za a ɗiga miki maganin da yake buɗe ƙofar, yawanci tirofikamayid, wani lokaci a haɗa da fenilefirin. Zai ɗan yi yaji na 'yan daƙiƙu. Sai ki zauna kamar minti 20 zuwa 30 kafin ƙofar ta buɗe, wani lokaci sai an ƙara ɗigo. Daga nan likita zai ɗaura fitila a goshinsa, ya riƙe gilashi a gaban idonki, ya ce ki kalli sama, ƙasa, dama da hagu, har ya zagaye gefen tantanin duka. Hasken yana da ƙarfi amma ba ya cutarwa. A inda ake da na'ura ana ɗaukar hoton bayan idon, a ajiye don kwatantawa da na baɗi.

Bayan an gama, ganinki na kusa zai yi hazo, rana kuma za ta dame ki, na kimanin awa 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Ki zo da ɗan rakiya, ki zo da baƙin tabarau ko ki sauko da mayafi, kuma kada ki tuƙa mota a ranar. Maigida ma idan shi aka duba, ya bar babur a gida. Kafin a ɗiga, ki gaya wa ma'aikaci kina da ciki ko kina shayarwa, da kuma ko kina da hawan jini, domin a zaɓi maganin da ya dace da ke. Idan kika rufe ido kika danne lungunsa na wajen hanci da yatsa na minti 1 zuwa 2 bayan ɗigon, maganin da zai shiga jikinki zai ragu. Idan bayan kin koma gida ido ya kama ciwo mai tsanani, ya yi ja, ga ciwon kai ko amai, ki dawo nan take. Wannan ba ya cika faruwa, amma ba a kwana da shi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 26, cikinta na biyu, ta zo awon farko da wata 3. Gwajin jinotayif ya nuna SC. Tun tana yarinya sau biyu kawai ta taɓa ciwon ƙashi, ba a taɓa ƙara mata jini ba, ba a kuma taɓa duba bayan idonta ba. Da aka ba ta takardar zuwa sashen ido, sai ta ce, "Sista, ni fa idona ƙalau, ko jiya na yi ɗinki da dare." Aka ce mata, "Maman yara, ɗinkin da tsakiyar ido kike yinsa, mu gefe muke so a duba."

A sashen ido ta karanta allo har ƙasa da kowane ido. Da aka ɗiga magani aka duba, idon dama yana mataki na 1. A idon hagu kuwa, can gefe ta wajen kunne, an ga mafici guda ɗaya, wato mataki na 3, bai fara zubar da jini ba.

A nan likita yana da hanya biyu. Wasu daga cikin waɗannan mafitai sukan toshe da kansu su bushe ba tare da an taɓa su ba, don haka idan ƙarami ne ana iya sa masa ido, a sake dubawa bayan 'yan watanni. Idan kuwa babba ne, ko yana girma, ko ya fara yoyo, ko ɗaya idon ya riga ya lalace, ko mai shi tana zaune nesa da asibiti ba za ta iya yawan dawowa ba, sai a karkata ga leza. Leza wani haske ne mai ƙarfi da ake ɗana wa yankin da ya rasa jini, don ya daina fitar da sinadarin da yake kiran sababbin hanyoyi, sai maficin ya yanƙwane. A zaune ake yi, da maganin ɗigo mai kashe zafi, ba a yanka, ba a kwana, kuma ana iya yinsa da ciki.

A wannan misali an sake duba ta bayan wata 2, aka ga maficin ya ƙaru, aka yi mata leza. Gwajin da ake sa rini a jijiyar hannu don ɗaukar hoton hanyoyin jinin ido, da allurar cikin ido mai hana tsirowar sababbin hanyoyi, duka an bar su, domin ana guje musu a lokacin ciki sai in ba makawa. An rubuta sakamakon a katin awonta don likitan haihuwa ya sani, aka ba ta ranar dawowa kafin haihuwa da kuma bayan arba'in.

Ya kamata a san iyakar leza. Ba ta dawo da hanyoyin jinin da suka toshe, ba ta warkar da sikila, kuma wani sabon mafici yana iya fitowa a wani wuri. Aikinta shi ne rage haɗarin zubar jini. Don haka wadda aka yi wa leza ba ta gama da sashen ido ba. Da a ce matar nan ba ta zo ba sai da jini ya zuba, da sai a jira makonni ko watanni ya washe, in ya ƙi a yi tiyatar kwashe shi. Tiyatar ido ga mai sikila tana da haɗari fiye da ta sauran mutane, kuma sai a manyan cibiyoyi masu likitan tantanin gani ake yinta.

Alamomin da ba a kwana da su

Duba na shekara-shekara na wanda ba ya jin komai ne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, a zo asibiti a ranar, ko da jiya aka duba: ɗigo-ɗigo ko zare-zare da suka bayyana farat ɗaya, walƙiya a cikin ido, duhu kamar labule daga gefe, sama ko ƙasa, ko ɗaukewar gani kwatsam a ido ɗaya, ko da babu ciwo. Wannan na ƙarshe yana iya nufin babbar hanyar jinin ido ce ta toshe, kuma awoyi kaɗan suna da muhimmanci. Ido ɗaya yana iya lalacewa ɗayan ya rufa masa asiri, saboda haka ki saba rufe ido ɗaya da tafin hannu ki kalli ƙofar ɗaki, sannan ki sauya, ko sau ɗaya a mako. Ki koya wa yaronki shi ma.

Ga mai ciki akwai ƙarin bayani. Daga wata 5 zuwa sama, har da makonnin farko na jego, hazo-hazo ko walƙiya a ido, musamman tare da ciwon kai, kumburin fuska da hannu, ko ciwo a saman ciki, yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki wanda yake kai wa ga jijjiga. Masu sikila sun fi sauran mata haɗarin samunsa. A gida ba za ki iya bambanta wannan da matsalar tantanin gani ba. Ki zo ɗakin haihuwa kai tsaye a auna jininki a gwada fitsari, daga nan a haɗa ki da likitan ido.

Sai buguwar ido. Idan dutse, ƙwallo, sanda ko roba ta sami yaro a ido, jini yana iya taruwa a gaban baƙin idon. Ga mai S a jininsa, har da mai AS, ƙwayoyin suna komawa lauje a wurin, su toshe magudanar ruwan ido, matsin cikin ido ya hau da sauri ya lalata jijiyar gani, ko da jinin ɗan kaɗan ne. A kai shi asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa likita jinotayif ɗinsa tun kafin ya tambaya, domin akwai maganin rage matsin ido, irin su asetazolamayid, da ake guje wa ga masu sikila. Kada a ɗiga nono, ruwan albasa, tozali ko maganin ɗigon da aka saya a kemis. Babu ɗayansu da yake isa bayan ido, sai dai su jawo ƙwayar cuta su kuma ɓata lokaci.

Abin da za a yi daga yau

Shan ruwa isasshe, shan folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da zuwa asibitin sikila a kan lokaci, duk suna taimakon jiki, amma babu wanda yake maye gurbin duba ido. Idan kina da SS ko SC, ko wani nau'in sikila, ki duba katinki. In an fi shekara ba a ɗiga miki magani an duba bayan idonki ba, ki gaya wa ungozomar da take miki awo ta rubuta miki takardar zuwa sashen ido. Idan akwai mai sikila a gida da ya kai shekara 10, ɗa ne, ƙani ne ko maigida, a zo da shi. Idan an duba, ku tambayi likita abu uku: wane mataki aka gani a kowane ido, me za a yi, kuma yaushe za a dawo. A rubuta ranar a bayan katin sikila, a wurin da za a riƙa ganinta.